Kafin Lambar Rajista Ta Fito, Bashin Kamfani Yana Wuyan Wa?

Ina gaida iyayenmu sarakuna da malamai, ina gaida alhazai da hajiyoyi ƴan kasuwa na Madawa, da waɗanda suka taso daga Buza da Keita da Tamaske, da matasan da na gani a baya riƙe da littattafai.

Maganar da aka ce in yi a kanta ta shafi wani ɗan lokaci ne a rayuwar kamfani, wanda sau da yawa bai wuce wata biyu ko uku ba. Shi ne tsakanin ranar da mutane suka zauna suka ce "mu haɗa jari mu kafa kamfani" da ranar da lambar rajista ta fito. A cikin wannan ɗan tsakanin ake kama hayar magaza, a ɗauki kaya bashi, a buga hatimi da takardu masu sunan kamfani a sama, a yi wa direbobi alkawarin lodi. Tambayar ita ce: idan abu ya lalace, wa zai biya?

Dokar da ke amsa wannan tambaya a Nijar ba a Yamai aka rubuta ta ba. Ƙasarmu tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 17 ga Oktoba 1993 a ƙasar Moris. An zartar da dokar kamfanoni ta wannan ƙungiya a Kwatano ranar 17 ga Afrilu 1997, aka sake gyara ta a Wagadugu ranar 30 ga Janairu 2014, kuma gyararriyar ce ke aiki yanzu. Alƙalin Madawa da na Abijan da na Duwala duk littafi ɗaya suke buɗewa a wannan fanni, kotun ƙarshe kuma tana Abijan. Ga wanda ke tura albasa Kodibuwa, wannan abin sani ne.

Aya ta 98 ta dokar ta ce kamfani yana zama mutum a idon shari'a ne daga ranar da aka shigar da shi rajistar kasuwanci, wadda kuka sani da RCCM. Ranar da kuka yi shawara a zauren Alhaji ba ta cikin lissafi. Ranar da kuka tara kuɗi ma haka. Ko ranar da kuka sa hannu a takardar kafa kamfani gaban notar, kamfani ya kafu a tsakaninku, amma bai zama mutumin da zai mallaki dukiya ko ya ci bashi ko a kai shi ƙara ba. Ɗan da ba a haifa ba, ko an zaɓa masa suna an sayi ragon suna, ba ya zuwa kasuwa ya ɗauko kaya bashi. Wanda ya je ya ɗauko da sunansa shi mai kaya ya sani.

Doka ta kira waɗanda ke wannan zirga-zirga masu kafa kamfani, kuma aya ta 102 ta ce duk wanda ya sa hannu sosai a ayyukan da suka kai ga kafuwar kamfanin yana cikinsu. Ba ta ce sai mai jari mafi yawa ba. Aikinsu yana ƙarewa ranar da aka sa hannu a takardar kafa kamfani, daga nan sai shugabannin da aka naɗa su karɓa, su ma suna aiki ne da sunan kamfanin da bai samu lamba ba tukuna. Wato zango biyu ne: kafin sa hannu, da bayan sa hannu kafin rajista. Kowane zango da tasa ƙa'idar.

Bari in ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Mutanen da kuɗaɗen ƙirƙira ce don a fahimta, amma babu wanda ke zaune nan da bai ga irinsa ba.

Mutum uku suka shirya kafa kamfanin sayen albasa da ajiye ta da fitar da ita waje, irin kamfanin da ake kira SARL, wanda asarar kowa ba ta wuce jarin da ya zuba. Akwai wani Alhaji na Madawa da zai sa sefa miliyan 2 da rabi, wato kashi 50 cikin 100. Akwai wani matashi ɗan Buza da ya yi boko, zai sa miliyan 1 da rabi, kashi 30. Na ukun ɗan Tamaske ne da ke zaune Abijan yana karɓar kaya, zai sa miliyan 1, kashi 20. Da yake matashin ne mai ƙafa kuma shi ke jin faransanci, shi aka bar wa kai-da-kawo.

A watan Fabrairu ya kama hayar magaza a Tunfafi, shekara guda, jika 100 kowane wata, ya sa hannu a madadin kamfanin da ake kan kafawa. A watan Maris, albasa ta fito da yawa farashi ya faɗi, ya ga dama ta samu, ya je wajen manoman Sabon Gida ya ɗauki buhu 400 bashi a kan jika 10 kowane buhu, miliyan 4 ke nan, za a biya bayan kaya sun isa Abijan. Nan ma da sunan kamfani ya rubuta takarda. A watan Afrilu su ukun suka sa hannu a takardar kafa kamfani, suka naɗa matashin shugaba, suka kuma rubuta masa izinin ya sayi sikeli da buhunan zuba kaya da kuɗin da bai wuce jika 500 ba. Ya saya. A watan Mayu, ba tare da wani izini ba, ya ƙulla da wani mai motoci a kan manyan motoci biyu zuwa Abijan, miliyan 3. Lambar rajista ba ta fito ba sai a watan Yuni.

Alkawari huɗu ke nan, duk kafin kamfani ya samu rai. Mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Hayar magaza ta kuɓuta, saboda dalili guda. Ayoyi na 106 da 107 sun ce duk abin da masu kafawa suka ƙulla kafin sa hannu, sai a sanar da sauran abokan jari, a rubuta shi cikin wata takarda ta musamman, a bayyana kowane alkawari da irin nauyin da zai ɗora wa kamfani, a liƙa ta jikin takardar kafa kamfani, kowa ya sa hannu a kan duka biyun. Idan an yi haka, ranar da lamba ta fito kamfani ya ɗauke alkawarin ba tare da wani zama ba. A misalinmu notar ya tambaye su ko akwai abin da aka riga aka ƙulla, matashin ya tuna da hayar magaza, aka rubuta: wurin magazar, kuɗin wata, tsawon shekara guda. Daga Yuni, mai magaza kamfani yake bi. Aya ta 110 ta ƙara da cewa ana ɗaukar alkawarin kamar kamfanin ne ya ƙulla shi tun daga farko, wato tun Fabrairu. Matashin ya fita daga ciki.

Sikeli da buhuna su ma sun kuɓuta, ta wata ƙofar. Aya ta 111 ta yarda abokan jari su ba shugaba izini a rubuce ya ƙulla wasu abubuwa kafin rajista, da sharaɗin a faɗi abin da za a ƙulla da yadda za a ƙulla shi. A nan mutane ke tuntuɓe. Izinin da aka rubuta "ya yi duk abin da ya dace don amfanin kamfani" bai ambaci komai ba, saboda haka ba ya ɗauke komai. Namu ya ce sikeli, ya ce buhuna, ya ce jika 500. Ya wadatar.

Saura albasar miliyan 4 da motocin miliyan 3.

Ba a rubuta albasar a waccan takarda ba. Matashin bai ɓoye ba. Alhaji ya sani, har ya je ya ga buhunan a jere ya sa albarka. Sai dai a ganinsu wannan ciniki ne na yau da kullum, ba abin da za a kai gaban notar ba. Motocin kuwa sun wuce izinin da aka ba shi. Ga irin waɗannan doka ta bar ƙofa ɗaya, a ayoyi na 108 da 112: abokan jari su yi babban taronsu, a yi musu cikakken bayanin kowane alkawari, su amince kamfani ya ɗauka. Amma akwai sharaɗi mai ɗaci. Wanda ya ƙulla alkawarin ba ya jefa ƙuri'a, kuma ba a lissafa kasonsa wajen ƙidayar rinjaye. Kashi 30 na matashin ya fita. Saura 70: Alhaji 50, ɗan Tamaske 20. Maganar tana hannun Alhaji shi kaɗai.

In kasuwa ta yi kyau, ba a ma tuna da wannan taro. Ana tuna shi ne ranar da motoci suka makale a hanya, zafi ya shiga kaya, aka sauke a Abijan rabi ya ruɓe. A ranar Alhaji zai duba ya ga cewa in ya ɗaga hannu, miliyan 7 sun hau kan kamfanin da jarinsa duka miliyan 5 ne. In ya ƙi, aya ta 110 ta faɗi abin da zai biyo baya da kalmomi biyu masu nauyi. Alkawarin da kamfani bai ɗauka ba bai shafi kamfani ba, kuma waɗanda suka ƙulla shi su ne za su biya, ba iyaka, kuma a haɗe.

Ba iyaka yana nufin katangar SARL ba ta kare matashin. Ya shiga kamfani ne don asararsa ta tsaya a miliyan 1 da rabi, ga shi ana bin sa miliyan 7, kuma in hukunci ya fito, abin da ya mallaka a kansa ake duba: babur, asusun banki, fili. A haɗe kuma yana nufin da su biyu suka sa hannu a takardar manoman, shi da Alhaji, manoma ba sa buƙatar raba bashin gida biyu. Sai su zaɓi wanda ya fi ƙarfi su nemi miliyan 4 gaba ɗaya a wurinsa, shi ya san yadda zai yi da ɗan'uwansa daga baya. Shi ya sa nake ce wa matasa masu jin faransanci: in an ce "kai ka iya rubutu, sa mana hannu", ku sani abin da aka miƙo muku ya fi alƙalami nauyi. Ni a ganina dokar ta yi daidai da ta hana mai ƙulla alkawari jefa ƙuri'a, don in ba haka ba kowa sai ya ci bashi ya juye wa abokansa. Amma a ƙasarmu, inda ƙarami ke sa hannu babba ke da kuɗi, kaifinta a kan ƙaramin yake sauka.

Wani zai ce: ai kamfani ya karɓi albasar, ya zuba a magazarsa, ya sayar, har ya biya manoma kashin farko daga asusunsa, wannan ba ɗauka ba ne? Dokar ta lissafo hanyoyin ɗauka: takardar da aka liƙa, izini bayyananne, shawarar babban taro. Ba ta ambaci biyan wani kashi ko yin shiru ba. Matashin yana iya zuwa kotu ya ce kamfani ya amfana da kaya, ya mayar masa da gwargwadon abin da ya ci. Wannan wata shari'a ce daban, mai tsawo, kuma ba ta hana manoma riƙe shi a halin yanzu.

Yanzu bari in juya wajen manoma da masu magaza da masu motoci, don na san kun fi yawa a wannan zaure. Akwai abin da ba a cika faɗa muku ba: ɗaukar da kamfani ya yi wa alkawari ba kullum ne alherinku ba. Kafin ɗauka, kuna bin mutum da duk abin da ya mallaka. Bayan ɗauka, kuna bin kamfani, shi kuma abin da ke asusunsa kawai yake da shi, kuma ba a neman yardarku kafin a yi wannan canji. Tun gyaran 2014 an bar wa kowace ƙasa damar sauke mafi ƙarancin jarin SARL ƙasa da miliyan 1 da dokar ta ambata, saboda haka kamfani mai kyakkyawan suna da babban allo yana iya kasancewa da jarin da bai sayi buhu 20 ba. Idan kun ba da kaya ne saboda kun san Alhaji kun san gidansa, to ku sa a rubuta cewa shi da kansa ya tsaya lamuni, ko kamfani ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Lamuni a dokar OHADA sai da rubutu da sa hannu da ambaton adadin kuɗi. "Ni na tsaya masa" a bakin kasuwa ba ya isa.

Sai kuma yadda aka rubuta takardar tun farko, wanda ke iya rusa komai. Akwai bambanci tsakanin takardar da ta ce "Wane, yana aiki da suna da kuma madadin kamfani kaza da ake kan kafawa" da wadda ta ce "kamfani kaza ya saya, ta hannun shugabansa Wane". Ta farko ta faɗi gaskiya: mutum ne ya ƙulla, kamfani yana tafe. Ta biyu ta sa wanda babu shi a matsayin mai ciniki. Tsohuwar rigima ce. A Ingila a 1866, a shari'ar Kelna da Bakista, wasu mutane sun sayi kayan sha na fam 900 a madadin kamfanin otal da ba a riga an kafa ba. Kamfanin ya kafu ya rushe bai biya ba, kotu ta ce su biya daga aljihunsu. A 1953 kuma, a shari'ar Niwbon, takardar ta nuna kamfanin ne da kansa ya sayar da akwati 200 na naman gwangwani, mutumin ya sa hannu ne kawai a ƙarƙashin sunan kamfanin. Mai saye ya ƙi karɓar kaya, kotu ta ce babu ciniki sam, tunda mai sayarwar babu shi. Kotun ƙolin Faransa ta daɗe tana rushe irin wannan takarda ta biyu, sai ranar 29 ga Nuwamba 2023 ta sassauta, ta ce alƙali ya duba abin da ɓangarorin suka nufa. Wannan hukunci bai ɗaure alƙalinmu ba. Kada ku jingina dukiyarku da shi. Ku rubuta irin ta farko, da cikakken sunan mutum, da sunan kamfanin da ake shirin kafawa, da inda mazauninsa zai kasance.

Ga masu hulɗa da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka ta Bangi ko Ƙonni, dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, a sashe na 96, ta bi kusan wannan hanya: kamfani yana iya amincewa da alkawarin bayan an yi masa rajista, kafin nan kuma wanda ya ƙulla shi ne a ɗaure, sai in an rubuta akasin haka a fili.

Ta yaya za ka gane kamfani ya samu rai? Hatimi ba shaida ba ne, kowa na iya sassaƙa shi a kasuwa cikin yini guda. Takarda mai tambari ma haka. Doka ta wajabta wa kamfani ya sa sunansa da nau'insa da jarinsa da mazauninsa da lambar RCCM a kan takardunsa da rasiɗansa. In babu lambar, ka tambaya. In akwai, ka nemi ganin takardar rajistar, ka duba ranar da ke jiki, ka gwada da ranar da kuke ciniki. Idan aka ce maka "dosiye yana hanya", to da mutum kake ciniki, sai ka auna mutumin.

Kada kuma ku dogara da jarin da aka ce an ajiye. A SARL, kuɗin jari ana zuba su banki ko wajen notar da sunan kamfanin da ake kafawa, kuma ba a taɓa su sai rajista ta fito. Idan wata shida ya cika daga ajiyar farko ba a yi rajista ba, masu kuɗin suna iya neman izinin shugaban kotu su kwashe abinsu. Shi ya sa mai zirga-zirga yake cin bashi tun farko: kuɗin suna nan amma a kulle.

Abu na ƙarshe ya shafi su Alhaji, kada su tashi daga nan suna ganin sun tsira. Duk abin da na faɗa ya shafi mutanen da ke kan hanyar rajista da gaske. Amma akwai waɗanda suka buga allo, suka yi kaka biyu ko uku suna saye da sayarwa tare, suna raba riba, rajista kuwa kullum sai an dawo daga Tawa. Waɗannan sun fita daga sahun masu shirin kafawa. Ayoyi na 864 zuwa 868 sun ba duk mai ruwa da tsaki damar roƙon kotu ta tabbatar cewa akwai kamfani a aikace tsakaninsu, kuma ana kafa hujjar haka ta kowace hanya, har da shaidu. In alƙali ya tabbatar, sai a yi musu hukuncin kamfanin da kowane abokin jari ke ɗaukar bashi duka a kansa. A nan wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ma ya shiga, har da na Abijan.

Roƙona ga duk wanda ke da dosiye a hanya a wannan kaka: kafin ku shiga wajen notar, ku zauna ku lissafa duk abin da aka kama ko aka ɗauka ko aka yi alkawari da sunan kamfanin, komai ƙanƙantarsa, a sa shi a takardar da za a liƙa. Wanda kamfaninsa ya riga ya samu lamba kuma ya san akwai abin da ya sa wa hannu a baya da ba a rubuta ba, ya kira taro a wannan makon, tun ana ga-maciji, a amince a rubuta a sa hannu. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata.